Murɗiya a bim ɗin gefe: dalilin ƙarin zobba da dogayen rodi

Bim ɗin da ke tsakiyar bene yana da dakin, wato shimfiɗar kankaren bene, a damansa da hagunsa, saboda haka nauyin da ke jan sa ta wannan gefe yakan tarar da wani yana jan sa ta ɗaya gefen, sai ya tsaya daidai yana lanƙwasawa ƙasa kawai. Bim ɗin gefe ba shi da wannan gata. Nauyi yana zuwa masa ta fuska ɗaya, kuma tsakiyar nauyin ba ta kan tsakiyar bim ɗin, don haka ban da lanƙwasa da yanka, wato ƙarfin da ke neman datse bim kamar almakashi, akwai ƙarfi na uku da ke neman juya shi a kan tsawonsa, kamar yadda ake murɗe jiƙaƙƙen tsumma don a matse shi. Wannan ƙarfi shi ne murɗiya, kuma rodin da aka saba ɗaurawa a bim, wato biyu a sama, biyu ko uku a ƙasa da zobba jefi-jefi, ba don ita aka tsara shi ba.

Kafin a taɓa lissafi, dole ne injiniya ya rarrabe irin murɗiyar da ke gabansa, domin iri biyu ce kuma hukuncinsu ya bambanta ƙwarai. Ta farko ita ce wadda ke faruwa a bim ɗin gefen dakin na yau da kullum, inda dakin ya kwanta tsakanin bim na gefe da bim na ciki. Idan dakin ya ɗauki kaya ya ɗan lotsa, bakinsa yana son juyawa, kuma tun da an zuba shi tare da bim ɗin gefe, sai ya ja bim ɗin ya juya tare da shi. Amma da bim ɗin zai ɗan tsage ya yi laushi, dakin ba zai faɗi ba, sai dai nauyin ya koma kan rodin ƙasa na tsakiyar dakin, wanda dama an yi lissafinsa don ya ɗauka. Shi ya sa kundin BS 8110, wanda injiniyoyi da yawa a Nijeriya suke aiki da shi, ya ce a ginin dakin da bim na al'ada ba a cika buƙatar lissafin murɗiya na musamman ba, domin zobban da aka sa saboda yanka sukan isa su hana tsagar ta buɗe.

Ta biyu ita ce mai haɗari. Ka ɗauki rumfar kankare da aka fito da ita a gaban shaguna, ko barandar da ke rataye a jikin bim, alhali a bayan bim ɗin babu dakin da rodinta zai shiga ya kama, ko dai saboda wajen ramin matattakala ne, ko saboda rumfar tana ƙasa da dakin. A nan ba abin da ya hana rumfar kifewa sai juriyar bim ɗin ga murɗiya. Idan ya gaza, nauyin ba shi da wata hanyar bi, kuma rumfar za ta sauko. Tambaya guda ce ke raba su: in aka ƙaddara cewa bim ɗin ba ya jure murɗiya ko kaɗan, ginin zai tsaya? In amsar a'a ce, to lissafi ya wajaba, kuma duk abin da zai biyo baya a kan wannan nau'i yake.

Wanda ya taɓa murɗa allin rubutu da hannu biyu ya san yadda kankare yake karyewa, domin allin ba ya yankewa a miƙe, yana karyewa ne a karkace, tsagar ta zagaye shi kamar zaren kusa mai juyi. Murɗiya tana haifar da ja a jikin kankare a kusurwar digiri 45, kuma kankare ba shi da ƙarfin jure ja, sai tsagar ta fara a tsakiyar fuskar da ta fi faɗi ta bi ta zagaye dukan fuskoki huɗu. Bayan tsagewa, cikin bim ɗin kusan ya daina aiki, ƙarfin yana gudana ne ta ɓawon waje, yana zagayawa. Kankaren da ke tsakanin tsaga da tsaga ya zama tokara a karkace, kuma kowace tokara tana turi ta hanya biyu a lokaci guda: tana tura kusurwoyin bim waje, tana kuma tura shi ta tsawo kamar za ta ƙara masa tsayi. Zobe shi ne ke tare turi na farko, dogon rodi kuma ya tare na biyu. Ernst Rausch ne ya shimfiɗa wannan fahimta a Jamus a 1929, kuma a kanta aka gina lissafin da ake yi har yau. Abin da ya kamata a riƙe daga cikinta shi ne cewa zobe da dogon rodi aiki guda suke yi tare, don haka wanda ya ƙara zobba ya bar dogayen rodi yadda suke bai gama ko rabin aikin ba, domin wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne zai yanke wa bim ɗin iyakar ƙarfinsa.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Bim ne mai faɗin milimita 230, wato inci tara daidai da bulo, da zurfin milimita 450, yana tsakanin fila biyu da ke da tazarar mita 4. A jikinsa akwai rumfar kankare mai kaurin milimita 150 da ta fito mita 1.5, kuma babu dakin a bayanta. Ƙarfin kankaren 25 ne, na rodin kuma 460, duka a ma'aunin nutan a kan kowace murabba'in milimita. Nauyin rumfar kanta shi ne kilonutan 3.6 a kowace murabba'in mita, mu ƙara 1.2 na daɓe da filasta ya zama 4.8, sannan mu ɗauki 1.5 a matsayin nauyin mutanen da za su hau don gyara ko shara. Idan aka ninka na dindindin da 1.4, na wucin gadi da 1.6, za a samu 9.12, wanda a faɗin mita 1.5 ya zama kilonutan 13.68 a kan kowace mita ta tsawon bim.

Tsakiyar wannan nauyi tana nesa da fuskar bim da mita 0.75, amma murɗiya daga tsakiyar bim ake auna ta, don haka sai an ƙara rabin faɗinsa, nisan ya zama mita 0.865. Ana yawan mance wannan ɗan ƙari, alhali a nan yana ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan amsar. Ninka nauyin da nisan ya ba da kilonutan-mita 11.83 a kowace mita. Filolin biyu suna raba jimlar daidai, kowace ta ɗauki ta mita 2, sai murɗiyar ta kai 23.7 a bakin fila, ta riƙa raguwa har ta zama babu a tsakiyar bim. Ke nan ta fi tsanani a daidai wurin da yanka ma ya fi tsanani.

Mataki na gaba shi ne a ga ko kankaren zai iya ɗauka, kuma kashi na biyu na BS 8110 ya ba da wannan ƙa'ida ga bim mai kusurwa huɗu, inda T ita ce murɗiya, hmin faɗin bim, hmax zurfinsa, vt kuma ƙarfin da murɗiya ke ɗora wa kowace murabba'in milimita ta kankare:

```
vt = 2T / [hmin² (hmax − hmin/3)]
vt = 2 × 23.7×10⁶ / [230² × (450 − 230/3)] = 2.40 N/mm²
```

Akwai iyaka biyu da za a gwada wannan amsa da su. Ga kankare mai ƙarfin 25, idan amsar ba ta wuce 0.33 ba, ba a buƙatar rodin murɗiya, kuma tamu ta ninka haka fiye da sau bakwai. Iyaka ta sama ita ce 4.0, wadda murɗiya da yanka a haɗe ba za su wuce ta ba, amma ga ƙaramin bim wanda tsayin zobensa bai kai milimita 550 ba, kundin ya rage wa murɗiya iyaka gwargwadon tsayin zoben, don kada kusurwoyin kankaren su ɓantale. Idan aka bar milimita 25 na kankare a bayan zobe mai kaurin milimita 10, faɗin zoben daga tsakiyar rodi zuwa tsakiyar rodi 170 ne, tsayinsa kuma 390. Ninka 4.0 da 390 a raba da 550 ya ba da 2.84, kuma 2.40 tana ƙasa da ita, sai dai ba da tazara mai yawa ba. Yankan da ke bakin fila, idan aka haɗa da nauyin bim ɗin kansa, kilonutan 34 ne da ɗoriya, wanda a kan kowace murabba'in milimita ya zo 0.37, jimlarsu 2.77, tana nesa da 4.0. Bim ɗin ya tsallake.

Yanzu sai adadin ƙarfen. A ƙa'idojin da ke tafe, x1 da y1 su ne faɗi da tsayin zobe, Asv kuma girman ƙafafu biyu na zobe guda a murabba'in milimita, sv tazarar da ke tsakanin zobe da zobe, As adadin dogon rodi, fyv da fy kuma ƙarfin rodin zobe da na dogon rodi:

```
Asv/sv = T / (0.8 x1 y1 × 0.87 fyv) = 23.7×10⁶ / (0.8 × 170 × 390 × 400) = 1.12
As = (Asv/sv)(fyv/fy)(x1 + y1) = 1.12 × 560 ≈ 626 mm²
```

Ma'anar 1.12 ita ce kowace milimita ta tsawon bim tana buƙatar murabba'in milimita 1.12 na zobe saboda murɗiya kaɗai. Yankan da ke bim ɗin ƙarami ne, mafi ƙarancin zoben da kundin ya tanada ya ishe shi, wato 0.23. Ni nakan ɗora wannan a kan na murɗiya ko da yankan bai kai ba, domin kuɗin ƙarin bai taka kara ya karya ba, sai jimlar ta zama 1.35. Ƙafafu biyu na rodi mai milimita 10 suna da murabba'in milimita 157, kuma 157 a raba da 1.35 ya ba da tazarar milimita 116, sai a rubuta 100 a zane. Da babu rumfar, wannan bim ɗin zai zauna lafiya da zobba a tazarar milimita 300, ke nan murɗiya ta ninka yawan zobban sau uku a kusa da fila. Kuma da an yi zoben da rodi mai santsi wanda ƙarfinsa 250 ne, abin da murɗiya ke buƙata zai tashi daga 1.12 zuwa 2.05, tazarar ta sauko ƙasa da milimita 70, inda tsakuwa za ta fara maƙalewa wajen zubi. Saboda haka musanya irin rodin zobe a wurin aiki, wanda mai ɗaurin rodi yakan so don mai santsi ya fi sauƙin lanƙwasawa, ba ƙaramin abu ba ne a irin wannan bim.

Zuwa tsakiyar bim ana iya buɗe tazarar, amma ba yadda aka ga dama ba. Kundin ya ce kada tazarar zoben murɗiya ta wuce mafi ƙanƙanta a cikin abubuwa uku, wato faɗin zobe, rabin tsayinsa, ko milimita 200, wanda a nan 170 ne, dalilin kuwa shi ne kada wata tsaga ta samu hanyar zagayawa ba tare da ta ci karo da zobe ba. Za a iya sa 100 a mita 1.2 na farko daga kowace fila, a sa 150 a ragowar. Wani zai ce ai a tsakiya murɗiyar babu ce, me zai hana a koma zoben al'ada a can? Amsar ita ce wurin da murɗiyar ta sauko ƙasa da 0.33 bai kai milimita 300 a kowane gefen tsakiya ba, kuma ƙa'ida ta ce rodin murɗiya ya zarce inda aka daina buƙatarsa da aƙalla zurfin bim, wato 450, don haka babu wani yanki na wannan bim da ya kuɓuta.

Dogon rodin, murabba'in milimita 626, ƙari ne a kan wanda lanƙwasa ke buƙata, kuma ba a tara shi a ƙasa kamar rodin lanƙwasa, ana rarraba shi ne a kewayen cikin zobe, da rodi guda aƙalla a kowace kusurwa, kuma kada sararin da ke tsakanin rodi da rodi ya wuce milimita 300. A bim ɗinmu sararin da ke tsakanin rodin sama da na ƙasa ya kusa 350, dole ke nan a sa rodi a tsakiyar kowace fuska ta gefe. Idan aka raba 626 gida uku, sama da tsakiya da ƙasa, kowanne ya samu kimanin 209. Rodi biyu masu milimita 12 suna ba da 226, sun isa tsakiya. A ƙasa lanƙwasa tana buƙatar kimanin 223, a haɗa da 209 ya zama 432, wanda rodi biyu masu milimita 16 ba su kai ba tun da 402 suke bayarwa, sai a sa uku. A sama, inda aka saba rataya zobba a kan siraran rodi biyu, sai a sa biyu masu milimita 16, domin ban da kason murɗiya akwai jan da ke samuwa a saman bim a kusa da fila. Rodin tsakiyar nan biyu su ne aka fi rasawa a wurin aiki, saboda mai ɗaurin rodi bai saba ganinsu a bim mai zurfin 450 ba, yakan ɗauka kuskuren mai zane ne ko kuma ado.

Siffar zoben tana da nauyi daidai da yawansa. Zoben yanka yana aiki ne da ƙafafunsa biyu na tsaye, har ma ana iya barin samansa a buɗe a cikin dakin, amma ƙarfin murɗiya yana zagaye fuskoki huɗu, don haka zoben dole ya zama rufaffe, kuma bakunansa su kama sosai. Idan murɗiya ta yi tsanani, kankaren da ke bayan zobe a kusurwa shi ne yake fara ɓarewa, kuma zoben da aka lanƙwasa bakinsa digiri 90 a wannan kusurwa ba shi da abin riƙewa sai wannan ɓawon, da ya ɓare sai zoben ya buɗe. Shi ya sa ake lanƙwasa bakin digiri 135 ya nutse cikin tsakiyar bim, ko kuma a zarce da rodin ya sake bin fuska guda ya haɗu da ɗan'uwansa. Haka nan ƙafafun da ake ƙarawa a tsakiyar faffaɗan bim suna taimakon yanka amma ba sa shiga lissafin murɗiya, zoben waje kaɗai ake ƙirgawa.

Sai kuma abin da ke faruwa bayan injiniya ya tafi. Mu ƙaddara mai gida ya ga rumfar ta yi kyau, ya sa magini ya ɗora bangon bulo mai tsayin mita ɗaya a bakinta don ta zama baranda, mu ɗauki nauyinsa da filasta kilonutan 3 a kowace mita. Nauyin bai kai sulusin na rumfar ba, amma yana zaune ne a can ƙarshe, kimanin mita 1.54 daga tsakiyar bim, sai ya ƙara kusan 6.5 a kan 11.83, murɗiyar bakin fila ta tashi daga 23.7 zuwa 36.6. Amsar ƙa'idar farko ta zama 3.71, ta wuce iyakar 2.84, kuma wannan iyaka ta kankare ce ba ta ƙarfe ba, ma'ana tokarar kankaren da kusurwoyinsa za su gaza komai yawan zoben da aka cusa. Ba a ma sa nauyin mutanen da za su tsaya a barandar ba. Da tun farko an san za a yi bangon, maganin shi ne a ƙara girman bim. Faɗaɗa shi zuwa 300 yana sauko da amsar zuwa 2.40, zurfafa shi zuwa 600 da faɗin 230 kuma yana ba da 2.64. Faɗi ya fi rage ƙarfin da ke kan kankare saboda ninki biyu yake shiga ƙa'idar, amma zurfi yana ɗaga iyakar kanta zuwa 3.93 tun da zoben ya ƙara tsayi, kuma ba ya fitar da bim daga jikin bango, wanda shi ne abin da masu gida suka fi ƙi. Mafi sauƙi daga duka, inda tsarin ginin ya ba da dama, shi ne a daidaita rumfar da dakin na ciki a zarce da rodinta na sama cikinsa, sai murɗiyar ta koma nau'i na farko.

Murɗiyar ba ta ƙarewa a ƙarshen bim. Wannan 23.7 da ta iso bakin fila tana shiga filar a matsayin lanƙwasa, tana neman karkata ta zuwa wajen titi, kuma fila mai 230 a 230 da rodi huɗu, wadda aka yi wa lissafin nauyin tsaye kaɗai, ba lallai ta ɗauka ba. Dole a sa wannan adadi a lissafin filar, dogayen rodin bim su shiga cikinta su lanƙwasa da cikakken tsawon kamu, zobban filar kuma su ci gaba har cikin mahaɗar. Ta ɗaya ɓangaren, rodin rumfar yana sama ne, kuma dole ya ratsa bim har fuskarsa ta baya ya lanƙwasa ƙasa a cikin zobe, in ba haka ba rumfar za ta tsage a gindinta tun kafin bim ya ji nauyin. Idan leburori suka tattake wannan rodi ya kwanta ƙasa wajen zuba kankare, sakamakon ɗaya ne.

A ginin da ya riga ya tsaya, ana gane tsagar murɗiya ta hanyar duba fuskokin bim biyu. Tsagar yanka tana ratsa bim daga fuska zuwa fuska, don haka a ɓangarorin biyu ta karkata wuri guda, ƙasanta wajen fila, samanta wajen tsakiya. Tsagar murɗiya kuwa idan ta karkata haka a wannan fuska, a ɗaya fuskar akasin haka take, kuma tana ratsa ƙarƙashin bim a karkace ta haɗe su. Sau da yawa fuska guda ce ke fara nunawa, wato wadda yanka da murɗiya suka haɗa ƙarfi a kanta, ɗayar tana nan sumul saboda a can suna rage wa juna. Alama ta biyu ita ce bakin rumfar ya sunkuya, ya fi sauka a tsakiyar tazara fiye da kusa da filoli, domin bim da ya tsage yana rasa mafi yawan taurinsa na murɗiya, kuma juyawar digiri ɗaya kacal tana sauke bakin rumfa mai mita 1.5 da kusan milimita 28. Idan aka ga waɗannan biyun tare, ana fara kafa tokara ne a ƙarƙashin bakin rumfar, a sauke duk abin da aka ɗora mata, sannan a kankare filasta a auna faɗin tsagar da tazarar zobban da ke ciki, a gwada da abin da lissafi ya nema.